Dalilin da ya sa faifan garmaho ke buƙatar ƙa'idar RIAA da amfilifayar fono

Tambaya: Malam, na jona na'urar kunna faifan garmaho a ramin AUX na amfilifayata, sai sauti ya fito ƙasa-ƙasa, siriri, babu kauri ko kaɗan, alhali na'urar CD tana aiki lafiya a wannan ramin. An ce mini sai na nemi amfilifayar fono mai RIAA. Mene ne dalili, kuma ƙara murya kawai ba zai wadatar ba?

Amsa: Na'urarka lafiyarta ƙalau, haka ma amfilifayar. Abin da ka ji shi ne ainihin abin da ke kwance a cikin tsagar faifan, domin tun a wurin yanka faifai da gangan ake rage sauti mai kauri, a ƙara sauti siriri, bisa yarjejeniyar cewa mai kunnawa zai mayar da kowanne inda yake. Wannan yarjejeniya ita ce ƙa'idar RIAA, amfilifayar fono kuma ita ce na'urar da ke mayar da sautin inda yake, ta kuma ƙara masa ƙarfi. Ramin AUX bai san da wannan yarjejeniya ba. Matsala biyu ce ta haɗu maka a lokaci guda, wato ƙarancin ƙarfin lantarkin da allura ke bayarwa da kuma karkacewar sautin, kuma maɓallin murya ba ya iya taɓa komai sai ta farko, ita ma ɗin ba ya gama da ita.

Tushen maganar yana cikin yadda kan allura ke samar da lantarki. A yawancin na'urori, allurar tana manne a bakin wani siririn sanda, a ɗaya bakin kuma akwai ɗan ƙaramin maganaɗisu da ke motsi kusa da naɗin waya. Maganaɗisu ba ya haifar da lantarki a waya don kawai yana kusa da ita, sai idan yana motsi, kuma yawan lantarkin yana bin saurin motsin ne. Nisan da allurar ta kauce gefe ba shi ne ma'auni ba. Haka abin yake a wajen na'urar yanka faifai, wadda ita ma da maganaɗisu da naɗin waya take tura wuƙarta. Saboda haka idan ana son sauti mai kauri da sauti siriri su fito da ƙarfi ɗaya, dole allura ta yi gudu ɗaya a cikinsu duka.

A nan ne wahalar take. Sauti mai kauri yana kaɗawa a hankali, misali sau 50 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50 Hz, sauti siriri kuwa yana iya kaɗawa sau 10,000 a daƙiƙa. Allurar da ke tafiya da wani gudu tsayayye, idan an ba ta lokaci mai tsawo kafin ta juyo, za ta yi nisa, idan kuma an ce ta juyo nan take, ba za ta je ko'ina ba. Lissafin gajere ne:

```
A = v / (2πf)
```

A shi ne nisan da allura ke kaucewa daga tsakiyar tsaga zuwa gefe ɗaya, v shi ne ƙololuwar gudunta, f kuma yawan kaɗawa a daƙiƙa. Mu ɗauki gudun santimita 5 a daƙiƙa, wanda shi ne adadin da masu ƙera kan allura suka saba aunawa da shi. A 1,000 Hz allurar za ta kauce kimanin maikiron 8, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A 50 Hz, da wannan gudun dai, kaucewar ta zama maikiron 159. A 10,000 Hz kuwa ta koma maikiron 0.8 kacal. Tsakanin na ƙasa da na sama akwai ninki 200, kuma kowane ɓangare yana da nasa ciwon.

Ciwon ɓangaren kauri shi ne wuri. A babban faifai mai inci 12, filin da ake yanka tsaga yana farawa ne daga kusan milimita 146 daga tsakiyar faifai, ya ƙare a kusan milimita 60, wato abin da ake da shi bai wuce milimita 86 ba. Faifan yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, don haka fuska ɗaya mai minti 22 tana buƙatar zagaye kusan 730. Idan aka raba filin da wannan adadi, kowane zagaye yana samun maikiron 117 ko kusa da haka, kuma a cikinsa ne za a sa faɗin tsagar kanta, wanda ya kai kamar maikiron 60, da lanƙwashe-lanƙwashenta, da ɗan bangon da zai raba ta da maƙwabciyarta. To ka kawo sautin 50 Hz ɗin nan mai kaucewa maikiron 159 dama, 159 hagu. Shi kaɗai ya cinye maikiron 318, idan an haɗa da faɗin tsaga ya kusa 380. Da wannan tazara faifan zai ɗauki zagaye 226 ne kawai, ƙasa da minti 7 ke nan. Gaskiya ne cewa ba a kowace daƙiƙa kiɗa ke ɗauke da irin wannan kauri ba, kuma na'urorin yanka suna matse tsaga a inda sauti ya yi laushi su buɗa ta a inda ya yi ƙarfi, amma wannan dabara ba za ta rufe giɓi mai girman haka ba. Ko da wurin ya isa ma, allurar da aka ce ta yi irin wannan lilo tana iya tsalle ta bar tsagar.

Ciwon ɓangaren siriri kuma shi ne ƙara. Robar faifai, komai kyawunta, bangon tsagarta ba sumul yake ba, ga ƙura, ga ƙananan ƙarzuna da amfani ke bari. Allura ba ta bambanta waƙa da ƙura, duk abin da ya girgiza ta lantarki ne. Da yake waɗannan ƙananan kurajen suna wucewa ƙarƙashin allura da sauri ƙwarai, ƙarar da suke haifarwa ta fi yawa a ɓangaren siriri, ita ce "shuu" ɗin nan da ƙas-ƙas da kowa ya san faifai da su. Lanƙwasar da ba ta kai maikiron ɗaya ba ba ta da wani fifiko a kan wannan ƙara, za ta nutse a cikinta.

Maganin da aka samo shi ne a karkata sautin kafin a yanka shi. A ƙa'idar RIAA ana barin 1,000 Hz a matsayin tsakiya, ba a ƙara masa ba a rage masa. Sautin 50 Hz ana rage shi da kusan desibel 17, wato ana raba ƙarfinsa gida 7. Sautin 10,000 Hz ana ƙara shi da desibel 13.7, wato ninki kusan 5. A can gefe biyu na abin da kunne ke ji, 20 Hz da 20,000 Hz, ragin da ƙarin kowanne ya kusa desibel 20, ninki goma-goma. Idan muka koma kan lissafinmu, kaucewar 50 Hz ta sauko daga maikiron 159 zuwa kusan 23, ta 1,000 Hz tana nan a 8, ta 10,000 Hz ta hau daga 0.8 zuwa kusan 4. Bambancin ninki 200 ya dawo ninki 6. Yanzu kaurin ya shiga cikin maikiron 117 ɗin da kowane zagaye ke da shi, siririn kuma ya ɗago kansa sama da ƙurar. A ganina wannan shi ne ainihin abin da ya kamata mutum ya riƙe game da RIAA: dabara ce ta sa lanƙwasar tsaga ta kusa zama girma ɗaya daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri.

A wajen kunnawa sai a yi akasin haka daidai-wa-daida, a ninka 50 Hz sau 7, a raba 10,000 Hz gida 5. Ribar da ke cikin wannan mataki na biyu ita ce, ƙarar saman faifai ba ta bi ta na'urar yanka ba, don haka ba a taɓa ƙara ta ba, amma a wajen kunnawa ana rage ta tare da siririn sautin. Waƙar ta koma yadda take, ƙarar kuwa ta ragu da desibel 13.7 a 10,000 Hz.

Siffar gyaran ba miƙaƙƙen layi ba ce, lanƙwasa ce mai gwiwa uku, a 50 Hz da 500 Hz da 2,122 Hz. A takardun masu ƙira za ka ga an rubuta su da lokaci, 3180 µs da 318 µs da 75 µs, inda µs ɗaya yake kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, domin haka ya fi sauƙi wajen zaɓen rizista da kafasitar da za su samar da su. A wajen kunnawa, ƙasa da 50 Hz ƙarin yana lafawa, daga 50 zuwa 500 yana sauka da kusan desibel 6 duk lokacin da yawan kaɗawa ya ninka biyu, daga 500 zuwa 2,122 gangaren ya yi sauƙi, daga nan kuma ya ci gaba da sauka da desibel 6 a kowane ninki. Wannan ne ya sa maɓallan BASS da TREBLE ba sa maye gurbinta. Yawancinsu ba sa wuce desibel 10 ko 12, kuma ko sun kai, gwiwoyinsu ba a waɗannan wurare suke ba, sai ka gyara ƙasa ka ɓata tsakiya.

Batun ƙa'ida guda kuwa tarihi ne ya tilasta shi. Kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango a 1948, RCA Victor ya biyo da ƙaramin faifai mai juyi 45 a 1949, kuma a waɗannan shekaru kusan kowane kamfani yana da tasa lanƙwasar. Akwai ta Columbia, akwai ta Decca da ake kira FFRR, akwai ta ƙungiyar injiniyoyin sauti, AES, da ta ƙungiyar gidajen rediyon Amurka, NAB. Dukkansu suna rage kauri suna ƙara siriri, amma gwiwoyin da yawan ƙarin sun bambanta, shi ya sa amfilifayoyi masu tsada na wancan zamani suke da maɓallin zaɓen lanƙwasa, mai saurare ya duba tambarin faifai sannan ya murɗa. Wanda ya yi kuskure zai ji sautin ya yi kaifi ko ya dushe. Misali, lanƙwasar Columbia tana buƙatar ragin kusan desibel 16 a 10,000 Hz, don haka idan aka kunna irin wannan faifai da ragin 13.7, zai fito da kaifin da ya wuce kima da fiye da desibel 2. A 1954 ƙungiyar masana'antar faifai ta Amurka, RIAA, ta ɗauki lanƙwasar RCA Victor mai suna New Orthophonic ta mayar da ita ƙa'ida, sauran kamfanoni suka riƙa komawa kanta a hankali. Babu wani abu a cikin ilimin lantarki da ya ce lallai sai 500 Hz ko 2,122 Hz. Da an zaɓi wasu lambobi na kusa da su, da sun yi aiki. Abin da ba zai yiwu ba shi ne mai yanka ya bi wata, mai kunnawa ya bi wata, domin faifan ba ya ɗauke da wata alama a cikin tsagarsa da za ta gaya wa na'ura irin gyaran da aka yi masa.

Sai matsala ta biyu, ta ƙarfin lantarki. Kan allura irin wanda maganaɗisu ke motsi a cikinsa, wanda ake yi wa alamar MM, yana ba da kamar milibolt 3 zuwa 5 a 1,000 Hz da gudun nan na santimita 5. Ramin AUX yana sauraron abin da ya kai milibolt 300 zuwa sama, na'urar CD ma tana kai bolt 2 a ƙololuwarta. Amfilifayar fono ta MM tana ninka lantarki kusan sau 100 a 1,000 Hz, wato desibel 40, sai milibolt 5 ya zama 500. Akwai kuma kan allura da naɗin wayar ne ke motsi a cikinsa, mai alamar MC, wanda da yawa daga cikinsu ba sa wuce milibolt 0.2 zuwa 0.5, su kuma sai an ninka su kusan sau 1,000.

Yanzu ga abin da ya faru a ɗakinka dalla-dalla. A ce faifan yana ɗauke da sauti uku da aka ɗauka da ƙarfi ɗaya, kuma kan allurarka yana ba da milibolt 5 a 1,000 Hz. A 50 Hz zai ba da kusan milibolt 0.7, a 10,000 Hz kuma kusan 24. Amfilifayarka ta karɓi waɗannan uku yadda suke. Mafi ƙarfinsu ma bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da take jira ba, shi ya sa muryar ta yi ƙasa, kuma siririn ya fi mai kaurin ƙarfi fiye da ninki 30, shi ya sa kiɗan ya fito kamar daga cikin gwangwani. Idan ka murɗa maɓallin murya zuwa ƙarshe, duka ukun za su hau tare, ninki 30 ɗin yana nan bai motsa ba, sai dai ka ƙaro hucin amfilifayar kanta a kai. Kuma ka yi hattara da barin maɓallin a can, domin ranar da ka koma kan CD ba tare da ka sauke shi ba, lasifikarka ce za ta biya. Da amfilifayar fono a tsakani, 0.7 za a ninka shi kusan sau 700, 5 sau 100, 24 kuma sau 21, duka ukun su fito a kusan milibolt 500.

Wannan ninki 700 da ake yi wa sauti mai kauri yana da nasa farashi, kuma shi ne sanadin yawancin ƙorafin masu faifai. Wutar lantarkin gida tana kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, daidai inda amfilifayar fono ta fi ƙara ƙarfi. Ɗan abin da wayar allura ta tsinto daga taransifoma ko wayar wuta da ke kusa, wanda a ramin AUX ba za a taɓa jin sa ba, a nan sai ya zama gurnani mai cika ɗaki. Saboda haka ne na'urar faifai ke zuwa da wata siririyar waya ta uku, wadda ake ɗaurewa a kusoshin da aka rubuta wa GND a jikin amfilifayar fono. Idan ka ji gurnani mai kauri da ba ya canjawa ko faifai na juyawa ko ba ya juyawa, fara duba wannan waya, sannan ka nisanta na'urar da wayoyinta daga taransifoma. Idan kuwa rugugin yana zuwa ne sai allura ta sauka a kan faifai, to daga mota ko ƙarfen da faranti ke juyawa a kai yake, ko faifan ya lanƙwashe, kuma sau da yawa za ka ga fatar lasifika tana shiga tana fita a hankali ba tare da wani sauti ba. Don rage wannan ne hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta ƙara gwiwa ta huɗu a 20 Hz a shekarar 1976, mai datse abin da ke ƙasa da haka. Ba duk masu ƙira ne suka karɓe ta ba, domin tana ɗan taɓa kaurin da ake ji, wasu sun fi son maɓalli dabam mai alamar SUBSONIC, ni ma shi na fi so tun da ana iya kashe shi.

Kafin ka sayi komai, duba abu biyu. Na farko, bayan amfilifayarka, ko akwai rami mai alamar PHONO, domin idan akwai, amfilifayar fono tana ciki, can za ka jona. Na biyu, bayan na'urar faifan ko ƙarƙashin farantinta, domin da yawa daga cikin na zamani suna da amfilifayar fono a cikinsu da ɗan maɓalli mai PHONO a gefe ɗaya, LINE a ɗaya gefen. Idan naka yana kan PHONO, tura shi zuwa LINE, ka bar wayar a AUX, magana ta ƙare. Dokar ita ce gyaran RIAA ya faru sau ɗaya tak a kan hanya. Wanda ya sa maɓalli a LINE sannan ya jona a ramin PHONO ya yi gyaran sau biyu, kuma alamarsa a fili take: murya mai tsananin ƙarfi, a fashe, kauri ya cika ya tumbatsa, siriri ya ɓace. Ramin makirfo kuwa yana ƙara ƙarfi amma ba ya gyara lanƙwasa, sai ka sami sautin gwangwanin nan da babbar murya.

Idan saye ya zama dole, ka tabbatar da irin kan allurarka. Na MM yana son ramin da ke da nauyin om 47,000, wanda shi ne abin da kusan kowace amfilifayar fono ke bayarwa, kuma yana damuwa da tsawon waya, domin doguwar waya tana ƙara masa nauyin kafasita, abin da ke sa wani yanki na siririn sauti ya kumbura, na samansa kuma ya faɗi. Don haka amfilifayar fono ta zauna kusa da na'urar faifai, idan akwai doguwar waya ta kasance bayanta. Na MC mai ƙaramin ƙarfi, idan aka sa shi a ramin MM, sautinsa zai fito daidai a siffa amma ƙasa ƙwarai, tare da huci idan an ƙara murya. A takardar bayanin na'ura za ka ga an rubuta yadda take bin lanƙwasar, misali ±0.5 dB, kuma wannan ya wadatar. Kuskuren desibel 1 ko 2 da ya shimfiɗu a kan yanki mai faɗi kunne yana jin sa a matsayin sauyin launin sauti, amma tseren da ake yi a kan 0.1 da 0.05 ba shi da wani amfani a aikace, domin kan allura da lasifika suna kauce wa daidai fiye da haka nesa ba kusa ba.

Wataƙila wani ya ce maka ya taɓa ganin garmaho mai araha da ba shi da wannan duka kuma yana waƙa lafiya. Gaskiya ya faɗa. Irin waɗannan suna amfani da kan allura na seramik, wanda ke haifar da lantarki idan an lanƙwasa shi, don haka ƙarfinsa yana bin nisan kaucewar allura ne maimakon gudunta. Da yake ƙa'idar RIAA ta riga ta sa kaucewar ta kusa zama girma ɗaya a ko'ina, abin da yake fitarwa ya kusa daidai da kansa, kuma yana kai ɗaruruwan milibolt. Daidaiton nasa na kusa-kusa ne, kuma yana buƙatar rami mai nauyin om kusan miliyan ɗaya kafin kaurinsa ya fito, ramin AUX na yau da kullum yana rage masa kauri. Irin wannan kan allura ba a jona shi a ramin PHONO, domin zai cika shi ya fashe sautin, sannan a yi masa gyaran da ba ya buƙata.